Mai Shimfiɗa Gwajin Manhaja da Aikinsa na Makon Farko

Idan tawagar masu rubuta manhaja ta karɓi sabon aiki, akwai shawarar da ya kamata ta yanke tun kafin a ga shafi ko ɗaya a allo: ta yaya za a riƙa sanin cewa abin da aka rubuta yau bai lalata na jiya ba? A manyan kamfanoni akwai injiniyoyin da wannan kaɗai ne aikinsu. A ƙananan tawagogi kuwa, galibi wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar ne ke ɗaukar nauyin. Aikinsa ya rubuta ƙananan manhajoji waɗanda ke gwada babbar manhajar, ya tsara yadda sauran abokan aiki za su rubuta nasu, sannan ya ɗora su duka a kan layin tantancewa, wanda 'yan sana'ar ke kira faiflayin, ta yadda duk lokacin da wani ya turo sabon kod, na'ura za ta gwada shi da kanta kafin a yarda ya shiga.

Mai koyo yakan fara da tambayar wane kayan aiki zai ɗauko. Gwani yakan fara da zama da mai aikin, ya tambaye shi: a wannan manhajar, wane kuskure ne idan ya faru za ka yi asarar kuɗi ko ka ji kunya a gaban abokin ciniki? Amsar wannan tambaya ita ke nuna yadda tsarin gwajin zai kasance. Kayan aiki daga baya suke zuwa, kuma zaɓensu bai cika wahala ba.

Gwaje-gwajen iri uku ne. Akwai gwajin guntu, wanda ke ɗaukar ƙaramin yanki na kod shi kaɗai, ya ba shi lambobi, ya duba abin da ya mayar. Ba ya taɓa rumbun bayanai, ba ya hawa intanet, don haka ɗaruruwansu kan ƙare cikin 'yan daƙiƙoƙi. Akwai gwajin haɗi, wanda ke duba wurin da kod ɗinka ya gamu da wani abu na waje, kamar rumbun bayanai ko kamfanin biyan kuɗi. Sai gwajin farko har ƙarshe, wanda ke buɗe burawza ta gaske, ya danna maɓallai, ya cike fom kamar yadda mutum zai yi. A littafinsa Succeeding with Agile na 2009, Mike Cohn ya zana su a siffar dala: gwajin guntu mai yawa a ƙasa, na tsakiya daidai gwargwado, na burawza kaɗan a can sama. A 2015 wani injiniyan Google, Mike Wacker, ya ba da kason da ya yaɗu sosai, wato 70 da 20 da 10 cikin ɗari, a matsayin wurin farawa. A 2018 kuma Kent C. Dodds ya kawo wata siffar mai kama da kofin gasa, inda gwajin haɗi ne ya fi kauri. Har yau ana muhawara a kan wanne ya fi. Ni dai ina ganin muhawarar ba ta da amfani sosai kafin a san aikin da ke gabanka. Ƙa'idar da ta fi riƙe ni ita ce a ajiye kowane gwaji a mataki mafi araha wanda zai iya kama kuskuren da gaske. Wannan "da gaske" ɗin shi ne inda ƙwarewa take.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi. A ce ɗan kasuwa mai sayar da kayan waya da na sola yana son shafin da mutane za su yi oda su biya ta intanet. Tawagar mutum uku ce, sun zaɓi Python da Django, rumbun bayanansu PostgreSQL. Da aka zauna da shi, ya ambaci abubuwa uku da yake tsoro: a yi kuskuren lissafin kuɗi, a sayar wa mutum biyu kaya ɗaya da ya rage, ko kuma mutum ya biya amma odarsa ta ɓace ko ta ninku. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da matakinsa.

Lissafin kuɗi aikin gwajin guntu ne. Shawarar farko ma ba ta gwaji ba ce: a ajiye kuɗi a matsayin kwabo, cikakkiyar lamba, domin kwamfuta ba ta riƙe lambobi masu ɗigo daidai. Duk wanda ya rubuta `0.1 + 0.2` a Python zai ga `0.30000000000000004`. Sai batun haraji. Harajin kayan masarufi a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020. Cajar waya ta naira 1,999 kwabo 199,900 ke nan, harajinta kuma ya faɗo daidai a kan 14,992 da rabi. Ina za a kai rabin? Mai koyo zai kira `round()` ya wuce, bai san cewa a Python `round(14992.5)` yana ba da 14992 ba, saboda idan abu ya tsaya a rabi yana karkata ne ga lambar da ke rabuwa biyu. Idan akawun shagon sama yake kai rabi, littafinsa da na manhaja za su riƙa saɓawa da kwabo ɗai-ɗai, har ranar da za a zauna ana neman inda kuɗi suka shiga. Don haka a tambayi akawu, a rubuta amsarsa a matsayin gwaji:

```python
def test_haraji_rabin_kwabo():
    assert haraji(199_900) == 14_993
```

A nan ake gane hannun gwani. Ba ya ɓata lokaci a kan naira 1,000 wadda harajinta ke fita sumul. Bakin iyaka yake nema: sifili, rabin kwabo, rangwamen da ya fi kuɗin kayan, oda marar kaya ko ɗaya. Irin waɗannan guda arba'in ba za su ci daƙiƙa ɗaya ba a `pytest`. In da ta burawza za a gwada su, kowane ɗaya sai an buɗe shafi, an shiga asusu, an cika kwando, kuma idan ya faɗi ba zai nuna maka layin da ya yi laifi ba.

Tsoro na biyu shi ne ya fi cancanta a daɗe a kansa, domin a nan tsarin gwaji da yawa ke yaudarar masu shi. Batirin sola ɗaya ya rage a sito. Mutum biyu sun danna maɓallin saye a lokaci guda. Buƙatar na farko ta karanta rumbun ta ga saura 1. Kafin ta rubuta komai, ta na biyu ita ma ta karanta ta ga 1. Kowacce ta cire ɗaya ta rubuta 0, kowacce ta buɗe oda. Babu gwajin guntun da zai kama wannan, domin kod ɗin cire ɗaya daga ɗaya ba shi da aibi. Matsalar tana cikin yadda buƙatu biyu suka haɗu a rumbun. Maganin a Django shi ne a kulle layin kayan da `select_for_update()` a cikin `transaction.atomic()`, ta yadda ta biyu za ta jira ta farko ta gama, sannan ta karanta 0 ta ce kaya ya ƙare.

To, a wane rumbu za a gwada? Akwai jarabar amfani da SQLite wajen gwaji, domin ba ya bukatar girkawa kuma yana da sauri ƙwarai. Amma SQLite ba shi da irin wannan kullen layi, kuma takardun Django sun faɗa a fili cewa `select_for_update()` ba ya yin komai a kansa. Ba zai yi ƙorafi ba, zai wuce ne kawai. Haka kuma SQLite ba ya damuwa da tsawon da ka ƙayyade wa rubutu: ka ce haruffa 20, a zuba 200, ya karɓa, alhali PostgreSQL zai ƙi. Ke nan gwajin da ya yi kore a SQLite bai gaya maka komai ba game da abin da zai faru a sabar da mutane ke amfani da ita. Shi ya sa nake ganin wannan ce shawara mafi nauyi a makon farko: gwajin haɗi ya gudana a kan irin rumbun da ke aiki a zahiri, har da lambar fitowarsa. Idan PostgreSQL 16 ne a saba, 16 ne a gwaji. Da can wannan wahala ce. Tun bayan fitowar Docker a 2013 ya zama abin layi biyu ko uku, kuma akwai Testcontainers da ke tayar da rumbun ya kashe shi da kansa idan an gama.

Ko da an samu rumbun gaske, akwai tarko biyu. Na farko, `pytest-django` yakan naɗe kowane gwaji cikin ciniki ɗaya na rumbu, ya warware shi a ƙarshe don komai ya koma yadda yake. Wannan yana da kyau ga yawancin gwaje-gwaje, amma a nan zai hana masu sayen nan biyu ganin batirin da gwajin ya ajiye, tunda kowanne da tasa hanyar shiga rumbun. Dole a rubuta `django_db(transaction=True)` a kan wannan gwajin. Na biyu, me za a duba a ƙarshe? Mai koyo zai duba cewa saura 0, ya ga haka ne, ya yi murna. Amma mun riga mun ga ko da kuskuren ya faru, 0 ɗin ne zai fito. Abin dubawa shi ne yawan oda: dole ta zama ɗaya tak, ɗayan kuma ya samu amsar cewa kaya ya ƙare.

Akwai wata al'ada da nake so kowane mai wannan sana'a ya riƙe. Bayan ka rubuta gwajin kuma ya yi kore, cire kullen da gangan, ka sake gudanar da shi. Idan bai yi ja ba, gwajin naka ba ya gadin komai. Wataƙila buƙatun biyu ba su haɗu a lokaci guda ba, ɗaya ta gama kafin ɗayar ta fara. Sai ka sa musu shinge, kamar `threading.Barrier`, su tashi tare, ka maimaita sau da yawa har ka ga jan da idonka, sannan ka mayar da kullen. Kamar mai sayen kwaɗo ne: ba ya wadatuwa da ganin mabuɗi ya buɗe, sai ya ja shi da ƙarfi a kulle ya ga ko zai saki.

Tsoro na uku ya shafi kamfanin biyan kuɗi. Idan mai saye ya biya, kamfanin yakan aiko wa sabarka saƙo cewa kuɗi sun shiga. Idan bai samu amsarka a kan lokaci ba, sai ya sake aikowa, don haka saƙo ɗaya na iya zuwa sau biyu ko fiye. Gwajin haɗi a nan mai sauƙi ne: a tura saƙo iri ɗaya sau biyu, a duba cewa biya ɗaya aka rubuta kuma sau ɗaya aka rage kaya. Sai a tura wani mai sa hannun jabu, a tabbata an ƙi shi, domin in ba haka ba kowa na iya gaya wa sabarka cewa ya biya. Ba a kiran kamfanin na gaske a kowane gwaji. Ana ajiye na bogi a madadinsa. Sai dai na bogi yana amsawa ne yadda kai ka zata kamfanin zai amsa. Idan zatonka kuskure ne, ko kamfanin ya sauya tsarin saƙonsa, gwajinka zai ci gaba da yin kore. Don haka a gina na bogin daga ainihin saƙonnin da aka kwafo daga dandalin gwajin kamfanin, kuma a ware gwaji ɗaya ko biyu da za su yi magana da wannan dandalin sau ɗaya a dare, a wajen layin yau da kullum.

Me ya rage wa burawza ke nan? Kaɗan ne, kuma haka ya kamata. Ga wannan shagon, tafiya huɗu ko biyar sun isa: baƙo ya buɗe asusu ya shiga, ya nemi kaya ya sa a kwando ya biya, biya ya gaza ya ga saƙon da ya dace, mai shago ya ga odar a nasa shafin. Aikinsu su tabbatar cewa wayoyin sun haɗu, maɓallin yana nan kuma yana kiran abin da ya kamata. Selenium, wanda Jason Huggins ya fara a 2004, ya daɗe yana wannan aiki kuma har yanzu yana yi. Ga sabon aiki zan ɗauki Playwright, wanda Microsoft ta fitar a 2020, saboda yana jiran maɓalli ya bayyana ya zama abin dannawa kafin ya danna, kuma yana iya ajiye tarihin duk abin da ya faru a allo idan gwaji ya faɗi.

```python
page.get_by_role("button", name="Biya").click()
expect(page.get_by_text("An karɓi odarka")).to_be_visible()
```

A lura babu `sleep` a ciki. Duk inda ka ga an rubuta wa gwaji ya yi barcin daƙiƙa uku, to wata rana sabar za ta ɗauki huɗu, ya faɗi ba tare da laifin kowa ba. Sauran ranakun kuma ana asarar lokaci a banza.

Dalilin taƙaita gwajin burawza lissafi ne. A ce kowane ɗaya yana faɗuwar ƙarya sau ɗaya cikin ɗari, saboda jinkirin hanya ko nauyin na'ura. Idan guda 5 ne, layin zai yi ja ba dalili kusan sau 5 cikin ɗari. Idan suka kai 50, sai ya koma kusan sau 40 cikin ɗari. A wannan matakin mutane sun daina karanta dalilin faɗuwa, suna danna a sake kawai har sai ya yi kore, kuma ranar da jan gaskiya ya zo, haka shi ma za a danne shi. Wannan ba ciwon ƙananan tawagogi kaɗai ba ne. A 2016 John Micco na Google ya rubuta cewa kusan kashi 1.5 cikin ɗari na duk gudanar da gwajinsu yana ba da sakamako marar tabbas, kuma kusan kashi 16 cikin ɗari na gwaje-gwajensu suna da wannan halin ko yaya.

Yanzu sai a jera su a layi. Ko GitHub Actions ne, ko GitLab CI, ko Jenkins, tsarin ɗaya ne: mai araha a gaba, mai tsada a baya, kuma na baya ba ya tashi sai na gaba ya wuce. Ga ƙashin bayansa a GitHub Actions, an cire layukan girke-girke:

```yaml
jobs:
  guntu:
    steps:
      - run: pytest tests/unit
  hadi:
    needs: guntu
    services:
      postgres:
        image: postgres:16
    steps:
      - run: pytest tests/integration
```

Na burawza zai biyo da `needs: hadi`. Kent Beck ya daɗe yana koyar da cewa ginawa da gwadawa gaba ɗaya kada su wuce minti goma, kuma ina ganin ma'aunin yana nan daram. Mutum zai iya jiran minti goma hankalinsa na kan aikin. Idan ya kai minti arba'in, zai kama wani abu, ya dawo ya manta abin da ya sauya, sannan ya fara tara gyare-gyare da yawa yana turawa lokaci guda don gudun jira, wanda shi ke sa gano mai laifi ya yi wuya. Ga shagonmu, zan ba gwajin guntu ƙasa da minti ɗaya, na haɗi uku zuwa huɗu, na burawza abin da ya rage. Sannan a kulle babban reshe ta yadda ba mai iya shigar da kod idan layin ja ne, har da shugaban tawaga. Layin da ake iya tsallakewa, za a tsallake shi ranar da ake sauri, kuma ranar sauri ce aka fi yin kuskure.

Za a tambaye ka kashi nawa na kod gwaji ya taɓa. `pytest-cov` zai ba da lambar, kuma tana da amfani wajen nuna wuraren da ba a taɓa ba sam. Amma taɓa layi daban, duba sakamakonsa daban. Gwajin batirin nan da ke duba 0 kawai ya taɓa kowane layi, kuma bai kama komai ba. Ba na son a mayar da wannan lamba abin gasa.

Gwaji marar tabbas yana da sanadi ko da yaushe, kuma sanadin da ke ƙasa da burawza galibi biyu ne. Ɗaya shi ne gwaji ya dogara da abin da wani ya bari a rumbu. Ana gane shi idan ya wuce a cikin jama'a amma ya faɗi shi kaɗai, ko akasin haka. Girka `pytest-randomly` tun ranar farko yana hargitsa jerin a kowane gudu, sai irin wannan ya tonu da wuri. Ɗayan shi ne agogo. Na'urorin layin tantancewa yawanci a kan UTC suke, Najeriya da Nijar kuma suna gaba da awa ɗaya. Gwajin rahoton cinikin yau zai yi kore duk yini, amma idan wani ya turo aiki tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya agogon Kano, kwanan watan saba da na shago sun bambanta, sai ya faɗi, da safe kuma ya warke da kansa. Wanda ya danna a sake ya rasa saƙon, domin wannan faɗuwar tana nuna kuskure na gaske: cinikin da aka yi a wannan awar yana shiga rahoton jiya. Gyaran shi ne kod ya karɓi lokaci daga waje maimakon ya leƙa agogo da kansa, sannan a rubuta gwajin guntu da ke tsayar da lokaci a 00:30 agogon shago, ya duba ranar da cinikin ya faɗa. Idan kuma ba a gano sanadin wani gwajin nan take ba, a fitar da shi daga layin da ke tare hanya, a rubuta sunan wanda zai bi shi da ranar da zai kawo bayani, a ci gaba da gudanar da shi a zagayen dare har a gano.